Murya Biyu, Fom Ɗaya: Yadda Ake Tsara Waƙar Zaɓi Tsakanin Kimiyya da Adabi

Duk ɗalibin da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a Nijeriya yakan tarar da tambaya tana jiran sa a ƙofar babbar sakandare: ajin kimiyya zai shiga, ko na adabi da zamantakewa wanda ɗalibai ke kira ajin at, ko kuwa na kasuwanci? A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake bayan jarrabawar BEPC, inda hanya ke rabuwa tsakanin ɓangaren adabi da na lissafi da kimiyya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ne ake ce wa ya yanke hukuncin da zai bi shi har jami'a. Shi ya sa idan daren wasan kwaikwayo ya zo a makaranta, da wuya a sami batun da zai taɓa 'yan kallo kamar wannan, domin rabin zauren sun riga sun zaɓa, sauran rabin kuma suna gab da zaɓa.

Hanya mafi sauƙin kawo batun kan dandamali ita ce waƙa mai murya biyu. Ba ta buƙatar labule ko kayan ado ko taron 'yan wasa. Ɗalibai biyu ne, da takarda ɗaya, da minti biyar. Sai dai sauƙin nata yakan yaudari masu shirya ta. Abin da aka fi gani shi ne ɗaya ya fito ya yabi kimiyya, ɗaya ya fito ya yabi adabi, a tafa, a zauna. Wannan jawabi biyu ne aka jera, ba waƙa ɗaya ba. Waƙa mai murya biyu tana rayuwa ne idan kowane ɗango amsa ne ga wanda ya gabace shi, kuma idan masu maganar ba su sauka daga dandamali a matsayin da suka hau da shi ba.

Kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin wannan salo. Jagora da 'yan amshi, waƙoƙin gaɗa a dandali, wasannin tashe masu tambaya da amsa, 'yan gambara da ɗaya ke jefa magana ɗaya na cafewa, duk murya biyu ce ke ja-in-ja. A adabin Larabci akwai muhawarar da ake ƙirƙira tsakanin abubuwa biyu, kamar wadda Ibnul Wardi ya rubuta tsakanin takobi da alƙalami a ƙarni na 14. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya ɗauki wannan gado ya zuba masa damuwarsa ta yau.

A fara da mutane, ba da fannoni ba

Kuskuren farko shi ne a sa muryoyin su zama "Kimiyya" da "Adabi". Fanni ba ya jin tsoro, ba shi da uba, ba ya faɗuwa jarrabawa, don haka ba shi da abin faɗi sai kirarin kansa. A ba kowace murya mutum, a kuma ba mutumin dalili biyu: wanda yake faɗa a fili, da wanda yake ɓoyewa.

Bari mu ƙirƙiri ƙawaye biyu a makarantar kwana ta 'yan mata, Rabi da Talatu. Rabi ta ce kimiyya za ta shiga don ta zama likita. Abin da take ɓoyewa shi ne burin mahaifinta ne, ita waƙa take rubutawa a bayan littafinta. Talatu ta ce at za ta shiga don ta zama lauya. Abin da take ɓoyewa shi ne gudun lissafi take yi, alhali darasin da ya fi burge ta shi ne na tsirrai. Da zarar an tsara su haka, waƙar ta sami inda za ta: daga dalilin fili zuwa dalilin ɓoye.

Sannan a sa musu wa'adi. Idan ba ranar miƙa fom, hira kawai suke yi, kuma hira ba ta riƙe zaure. Idan gobe za a kira suna, kowace kalma ta yi nauyi. Wa'adin nan shi ya fi dacewa ya zama amshi, su biyun su faɗe shi tare:

*Tare:* Fom ɗaya ne, hanyoyi biyu ne,
*Tare:* Gobe da hantsi za a kira ni.

Gaskiyar da waƙar za ta tsaya a kai

'Yan kallo sun san tsarin karatun fiye da yadda marubuci ke zato, kuma ɗango ɗaya na ƙarya ya isa ya zubar da waƙar. Saboda haka kafin a rubuta komai, a zauna da malami mai ba da shawara a tantance abubuwa kaɗan.

Mai son karatun likita, a jarrabawar JAMB zai rubuta Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji. Mai son karatun lauya dole ya haɗa da adabin Turanci. Lissafi da Turanci kuwa kowane ɗalibi yana yin su har jarrabawar WAEC da NECO, ko wane aji ya shiga. Wannan na ƙarshe shi ne makamin Rabi, domin gudun da Talatu ke yi ba zai raba ta da abin da take gudu ba. Akwai kuma batun komawa baya. Wanda ya fara kimiyya ya ga ba zai iya ba, yakan fi samun sauƙin komawa at. Wanda ya shekara a at bai taɓa kemistiri da fizis ba, tsallakawarsa zuwa kimiyya tana da wuya ƙwarai. Ke nan zaɓin bai yi wa ƙawayen nauyi ɗaya ba: ƙofar Talatu ta fi saurin rufewa.

Ya kamata marubuci ya san kuma dalilin da ya sa mizanin ya karkata tun kafin a fara magana. Manufar ilimi ta Nijeriya ta daɗe tana fifita kimiyya wajen rabon guraben jami'a, kashi 60 ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. A Kano an buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, shiga cikinsu kuma ta zama abin alfahari ga iyaye. Daga irin wannan tarihi ne aka sami zancen da ke yawo a makarantu cewa masu ƙoƙari kimiyya suke shiga, at kuwa matattarar waɗanda suka kasa ce. Waƙar da ta san haka za ta ba Talatu ɗangogi masu ƙarfi, don kada ta fito a matsayin wadda aka riga aka kayar.

Kari: tafi huɗu a kowane ɗango

Muryoyi biyu ba za su zama waƙa ɗaya ba sai suna tafiya a kan kari ɗaya. Kamar mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya: idan ɗaya ta yi jinkiri ko gaggawa, taɓare ne za su haɗu.

A Hausa gaɓa iri biyu ce. Mai nauyi ita ce wadda ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta ƙare da baƙi, kamar *ke* da *mai* da *kin*. Marar nauyi ita ce mai gajeren wasali, kamar *ga* da *da*. Gaɓa biyu marasa nauyi daidai suke da mai nauyi ɗaya. Karin da ya fi sauƙi ga masu farawa shi ne a yi tafi huɗu a kowane ɗango, kowane tafi ya ɗauki nauyin gaɓa biyu masu nauyi. Ga baitin buɗewa:

*Rabi:* A gidanmu ana ce min likita,
*Talatu:* Ke mai suma in kin ga jini?

A tafa ɗango na biyu a ji: *ke-mai / su-ma / in-kin / ga-ji-ni.* Tafi uku na farko kowanne gaɓa biyu ce mai nauyi. Na huɗu gaɓa uku ce, biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi, nauyin dai ɗaya ne. Da an ce "Likitar da take tsoron jini", ma'ana ba ta canja ba, amma tafin ƙarshe ya rage *ji-ni* kawai, hannu zai sauka a wofi. Ba sai an san sunayen karuruwan aruli kafin a gane haka ba. Mai tafi a gefe ya isa ya kama duk ɗangon da ya yi ɗingishi.

Tsarin baiti kuwa, 'yar tagwai ta fi dacewa, wato baiti mai ɗango biyu: ɗaya ta jefa, ɗaya ta mayar. Babban amsa-amo yana zuwa a ƙarshen ɗango na biyu, ya bi waƙar har ƙarshe. A nan an zaɓi *-ni*, saboda yana da wadatar kalmomi: jini, gani, bayani, tsani, amfani, ga kuma wakilin suna *ni* da ke iya bin aikatau iri-iri. Kafin a rubuta baiti ko ɗaya, a jera kalmomin amsa-amon a takarda, a gwada kowace da tafi. Za a tarar *magani* da *zamani*, duk da daɗinsu, ba sa zama a ƙarshen ɗango a wannan kari, domin marar nauyi ta shiga tsakanin masu nauyi biyu, nauyin ya wuce tafi. Gara a san haka tun farko da a gina baiti a kansu a dawo ana rushewa.

Matakai uku na waƙar

Matakin farko tsokana ce. Ƙawaye ne, sun san lagon juna, kuma da raha ake jawo zaure. Ƙa'idar ita ce kowace amsa ta ɗauko wani abu daga bakin ɗayar, kalma ko ma'ana, ta juya shi:

*Rabi:* Ai lissafi ke korar ki,
*Talatu:* Haka ne, tun can shi ya tsane ni.
*Rabi:* Ko can at ɗin zai tarbe ki,
*Talatu:* Wayyo ni, wa zai cece ni?

A lura cewa a wannan tsari mai ɗango na biyu ita ke da amsa-amo, ita ke da kalmar ƙarshe, ita ce kuma ke kwasar dariya. Idan aka bar Talatu a wannan gurbi har ƙarshe, ta yi nasara tun ba a je ko'ina ba. Don haka bayan kowane baiti uku ko huɗu a musanya, Talatu ta jefa, Rabi ta mayar:

*Talatu:* A gaban alƙali za ni tsaya,
*Rabi:* Da rawar murya? Ai sai mu gani!

Mataki na biyu shi ne juyi, kuma shi ne zuciyar waƙar. A nan tsokana ke tsayawa, dalilin ɓoye ya fito. Ba a canja kari ba, ba a canja amsa-amo ba, sauri kawai ake ragewa, murya ta sauka:

*Rabi:* Bari in tona miki sirrina,
*Talatu:* Tona, ba mai ji sai dai ni.
*Rabi:* Littafina kaf waƙa ce,
*Talatu:* Ni kuwa tsirrai ke burge ni.
*Tare:* Tsoro ya riƙe alƙalaminmu,
*Talatu:* Ke na gida, lissafi kuma ni.

Ɗangon da suka faɗa tare a nan ya fi amshi nauyi, domin shi ne karo na farko da suka yarda a kan abu ɗaya. Irin wannan haɗa murya ba a yawaita shi. Idan ana haɗawa a kowane baiti, kunne zai saba, ranar da ake buƙatarsa kuma ba zai yi tasiri ba. Ban da amshi, sau biyu ko uku ya wadatar a duk waƙar.

Mataki na uku shi ne rufewa, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Wasu sukan sa ɗaya ta ci nasara, su manta cewa 'yan ɗaya ajin suna zaune a zauren. Wasu kuma sukan rufe da cewa duka fannonin suna da amfani, a rungumi juna. Gaskiya ne, amma ba wanda ya zo da shakka a kan haka, kuma fom ɗin yana nan ba a cike ba. Abin da ya fi shi ne kowace ta ɗauki mataki ɗaya a kan tsoronta, ƙarami, wanda ɗaliba za ta iya ɗauka kafin wayewar gari:

*Rabi:* Zan roƙi a ba ni wayar Malam,
*Rabi:* In ce, Baba, ka saurare ni.
*Talatu:* Ni zan koma kan lissafi,
*Talatu:* Ke ce za ki riƙe mini tsani.

Wannan ne wuri ɗaya tilo da kowace ta riƙe baiti sukutum ita kaɗai. Tun farko suna katse juna, yanzu kowace ta sami filin kammala maganarta, ɗayar kuma ta saurara. Ba a faɗi ajin da suka shiga ba, kuma ba a buƙata. Wataƙila Rabi ta zauna a kimiyya bayan ta yi magana da mahaifinta, ta ci gaba da waƙarta. Wataƙila ta sauya. Sauyawa ba laifi ba ce, amma tana da farashi, kuma waƙar kada ta ɓoye hakan. Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likita, da ya koma fannin Turanci da tarihi da addini sai ya rasa tallafin.

Daga takarda zuwa dandamali

Tsawon waƙar lissafi ne mai sauƙi. Ɗango mai tafi huɗu yakan ci kusan daƙiƙa uku idan ana faɗarsa a natse, baiti kuma shida zuwa bakwai. Idan aka ƙara lokacin dariya da na shiru, baiti talatin zuwa talatin da biyar za su cika minti biyar. Rabo mai kyau shi ne kusan rabi ga tsokana, sulusi ga juyi, abin da ya rage ga rufewa, amshi kuma ya shigo bayan kowane baiti biyar ko shida.

Wajen rubutawa, a raba takarda gida biyu daga sama zuwa ƙasa, Rabi a hagu, Talatu a dama. Idan ɗaya na magana, gefen ɗayar a bar shi fayau. Idan tare za su faɗa, a rubuta ɗangon a gefe biyun a layi ɗaya. Da wannan tsari marubucin Amurka Paul Fleischman ya fitar da littafinsa na waƙoƙi masu murya biyu, *Joyful Noise*, a 1988, wanda ya ci lambar Newbery a shekarar da ta biyo. Amfaninsa shi ne ido yana ganin rabon magana tun kafin kunne ya ji. Idan gefe ɗaya ya cika ɗayan ya zama fili, an san murya ɗaya ta danne 'yar'uwarta.

A wajen gwaji, kowace ta haddace waƙar duka, ba nata kason kawai ba, domin ɗangon ƙawarta shi ne ƙararrawar shigowarta. A fara da mai tafi a gefe, sannan a cire shi idan karin ya zauna a jiki. Haɗa murya kuwa da numfashi ake yin sa: su ja numfashi tare, su fara tare, ba tare da ƙirga ɗaya, biyu, uku a gaban jama'a ba. Idan baƙin farko na ɗangon ya fito sau biyu, *tso-tsoro*, ba su haɗu ba tukuna.

Tsayuwa ma tana magana. A lokacin tsokana su tsaya nesa da juna, kowace ta ɗan karkata, rabi ga ƙawarta rabi ga jama'a, don kada murya ta tafi gefe ta bar na baya. A wajen juyi su matso, ko su zauna a benci ɗaya. Kayan wasa biyu sun isa: fom ɗin, da littafin da Rabi za ta buɗe ta nuna. Idan makirfo ɗaya ne, gara a ajiye shi a ɗaga murya, domin miƙa shi daga hannu zuwa hannu yana kashe saurin amsa, wanda shi ne ran tsokanar. Haka nan a yi gwaji ko sau ɗaya ba lasifika, saboda wuta ba ta da alkawari.

Dariya ma aba ce da ake shirya wa. Bayan "Ai sai mu gani!" zaure zai ɗauki sowa. Talatu ta jira har ta fara lafawa kafin ta shigo, in ba haka ba ɗangonta ya nutse. Sabbin 'yan wasa sukan ji tsoron wannan jira su yi gaggawa. Maganinsa shi ne a sa 'yan aji kaɗan su zauna a wajen gwaji su yi dariyar da gangan.

Akwai kuma iyaka da ba a tsallakewa. Habaici yana da daɗi, amma kada ya sauka a kan malami na gaske, ko ɗalibar da kowa ya san ta faɗi lissafi, ko sana'ar iyayen wani. Tsokanar ta tsaya tsakanin ƙawayen biyu da aka ƙirƙira. Mahaifin Rabi ma kada a mai da shi azzalumi. Mutum ne mai fata ga 'yarsa, kuma a wasu makarantun iyaye suna cikin 'yan kallo.

Kafin daren ya zo, akwai gwaji biyu da za su nuna ko waƙar ta ginu. Na farko, a rufe gefe ɗaya na takardar a karanta ɗayan shi kaɗai. Idan ya ba da cikakkiyar ma'ana ba tare da ɗan'uwansa ba, jawabi aka rubuta, sai a koma a sa kowane ɗango ya rataya a kan wanda ya gabace shi. Na biyu, a ɗauki baiti daga ƙarshe a mai da shi farko. Idan ba abin da ya lalace, to ƙawayen ba su motsa daga inda suka fara ba, kuma juyin ne ke buƙatar aiki. Waƙar da ta tsallake gwajin nan biyu ta isa a hau da ita dandamali, ko da wani ɗango nata yana ɗan ɗingishi a kari.